Amsa gaisuwar bazday: kurakuran da ke mayar da godiya tamkar sanarwa

Saƙon da ya fi yawo a daren bazday shi ne: "Na gode da addu'o'inku, Allah ya bar zumunci." Kalmomin ba su da aibi. Aibin yana zuwa ne idan layin nan ɗaya ya shiga wayar Kawu, ya shiga ta aminin da aka yi makarantar kwana tare, ya kuma shiga ta telan da ya ga hoto a Status ya turo "HBD". Mutum uku, matsayi uku, amsa ɗaya. Telan ba zai damu ba. Kawu da aminin za su lura, ko da ba su ce komai ba.

Mutane suna zaton maganin shi ne a zauna a tsara wa kowa sabon saƙo, shi ya sa suke karaya tun ba su fara ba. Ba sai an kai ga haka ba. Kayan da za ka haɗa amsa da su suna cikin saƙon da aka turo maka. Babban kuskure shi ne amsawa ba tare da an karanta ba.

Gaisuwar bazday a wurinmu yawanci addu'a ce, kuma kowa da irin tasa. Wani zai ce Allah ya ƙaro shekaru masu albarka, wata ta ce Allah ya kawo mata tagari, abokin kasuwa ya ce Allah ya buɗa kasuwa, malamin da ya koyar da kai ya ce Allah ya sa ka gama karatu lafiya. Addu'a kuwa da amin ake karɓar ta, kuma amin ɗin ya kamata ya faɗa kan abin da aka roƙa maka. Wanda ya yi maka addu'ar kasuwa, ka ce masa: "Amin, Alhaji, Allah ya buɗa mana baki ɗaya. Kaya sun iso kuwa?" Malamin kuma: "Amin Malam, na gode ƙwarai. Saura zango ɗaya in sha Allahu, a ci gaba da sa mu a addu'a." Duk amsoshin nan ba su wuce layi biyu ba, amma ba za ka iya musanya su ba, kuma ma'aunin ke nan. Idan amsar da ka rubuta za ta shiga wayar kowa ba tare da an canza ko harafi ba, to ba ka amsa wa kowa ba.

Abu uku ke sa amsa ta zama ta mutum ɗaya: sunan da kake kiransa da shi a fili, kalma ɗaya daga cikin saƙonsa, da wani abu nasa da ka sani, kamar jikin mahaifiyarsa, jarrabawar ɗansa ko sabon shagonsa. Ba dole ne su haɗu duka ba. Ga na nesa suna ya isa. Ga na kusa a haɗa biyu ko uku.

Wurin da kwafi ya fi tona asiri shi ne "ka" da "ki". Harshenmu ba ya barin mutum ya ɓuya a nan. Ka rubuta wa abokinka "na gode maka, Allah ya bar mu tare", ka kwafa ka liƙa wa Anti, ta buɗe ta ga "maka". Masu wayo sukan guje wa wannan ta hanyar sa "ku" ga kowa, sai su faɗa wani ramin. "Na gode muku" daidai ne ga Baffa ko suruka, domin jam'in girmamawa ne. Amma ka tura wa ƙanwarka ko wanda kuke ci a kwano ɗaya, nan take ya san da taro kake magana, ba da shi ba.

Haka batun suna. Kada ka ɗauki sunan da ke jikin shafin mutum ka kira shi da shi. Matar yayanka tana iya sa cikakken sunanta a Facebook, amma a gida Anti kake ce mata ko Maman wane, to haka za ka ce a amsa. Wanda ba ka taɓa kama sunansa a gabansa ba, kada ka kama a rubuce, musamman a bainar jama'a inda dangi ke karantawa. A ɗaya ɓangaren kuma, taubashin da ya turo maka "tsufa ya zo, sai a fara neman sanda" ba godiya mai ladabi yake jira ba. Rama masa za ka yi. Kakar da ta aiko da saƙon murya tana tsokanar "mijin nata" ma haka. Amsa irin ta ofis ga waɗannan ta fi shiru sanyi.

Ita ma waya tana tona asirin mai kwafi. A WhatsApp, saƙon da ka tura daga wata hira zuwa wata yana iya fitowa da alamar `Forwarded` a samansa, kuma tun 2019 ba a tura saƙo ta wannan hanya ga sama da hira 5 a lokaci guda. Wasu sai su koma `Broadcast`, wanda ke ɗaukar mutum har 256 kuma saƙon ya isa wa kowa kamar shi kaɗai aka rubuta wa. Illarsa ita ce wanda bai ajiye lambarka ba ba zai samu ba, kai kuma kana can kana ganin ka gode masa. A Facebook, mai jera amsa iri ɗaya a ƙarƙashin saƙonni masu yawa da sauri yana iya jawo wa kansa a dakatar da shi daga rubutu na ɗan lokaci, don tsarin yana yi wa irin wannan kallon aikin masu tallar damfara. Ko ba a dakatar da kai ba, duk wanda ya buɗe shafin zai ga "amin na gode" ta jeru daga sama har ƙasa.

Mu ɗauki misali. A ce wata malamar makaranta ta cika shekara 30, ta tashi washegari da saƙo kusan 150: kimanin 90 a Facebook, 40 waɗanda suka amsa Status ɗinta, sauran 20 kuma saƙonni ne na musamman, da kiran da bai same ta ba. Kuskuren da za ta fi saurin yi shi ne ta fara daga saman waya tana gangarowa. Saman waya na waɗanda suka turo a ƙarshe ne, ba na waɗanda suka fi kusa da ita ba. Kafin ta kai kan Goggo, wadda ta yi saƙon murya tun bayan asuba, hannu ya gaji, sai Goggo ta tashi da alamar zuciya.

Abin da ya fi mata shi ne ta fara dubawa ba tare da ta amsa ko ɗaya ba, ta ware mutum 20 ɗin nan. A cikinsu akwai manya, wataƙila biyar ko shida. Waɗannan ba rubutu ya dace da su ba. Wanda ya kira, a kira shi. Wadda ta yi murya, a mayar mata da murya, kuma a fara da gaisuwa kamar an je gabanta: "Goggo ina wuni, ya gida, ya ƙafar taku? Na ji saƙonku, amin amin, Allah ya ƙara girma, ya bar mana ku." Daƙiƙa 20 ke nan. Sauran ƙawaye da 'yan uwa sa'o'inta, kowa layi biyu ko uku. Wadda ta haƙo hotonsu na aji uku a sakandare ta saka, amsar a kan hoton za ta tsaya: "Ke! Ina kika samo wannan? Dubi ɗankwalina don Allah. Na gode ƙawata, sai na zo ganin jaririn." Wanda ya haɗa da kyauta ko ya turo kati, a ambaci abin da sunansa a ce ya iso, domin rabin abin da yake jira ke nan. In ta ba kowane ɗaya minti biyu, mutum 20 ba su wuce minti 40 ba.

Masu amsa Status su 40, amin tare da ambaton sunansu ya ishe su, sai wanda ya ƙara wata magana a amsa masa ita. Na Facebook kuwa, a ganina babu laifi ta danna alamar so a kan gajerun, ta amsa dogayen a rubuce, sannan ta yi rubutu ɗaya na godiya ga kowa. Godiyar gama-gari ba ita ce matsalar ba. Matsalar ita ce a sa ta ta maye gurbin ta mutum ɗaya-ɗaya. Kuma in a Status kaɗai aka saka ta, bayan awa 24 ta ɓace, wanda datarsa ta ƙare ranar bai ma san an yi ba.

A wannan godiyar ta kowa akwai tarkon da mutane ke faɗawa da kyakkyawar niyya, wato jero sunaye. Ka lissafa mutum goma sha biyu "na musamman", na goma sha uku yana karantawa yana neman sunansa. In ba za ka iya kawo kowa ba, kada ka kawo kowa, ka bar na musamman ɗin a saƙonsu na sirri. Haka ɗauko hoton saƙon wasu a jera a Status a bar na wasu, balle alat ɗin kuɗin da wani ya turo. Wannan ya zama gasa, kuma ba kowane mai kyauta ke son a san nawa ya bayar ba.

Zauren dangi ko na ofis yana da nasa salon. Mutum talatin sun yi maka addu'a a jere, kai kuma ka bi su ɗaya bayan ɗaya da amin talatin, wayar kowa tana ƙara har dare. Amsa ɗaya mai kyau ta isa a zaure, a fara da manya: "Iyaye da yayye da ƙanne, na ga addu'o'inku duka, amin." Wanda ya yi dogon rubutu a zauren, a bi shi gefe a gode masa.

Akwai kuma waɗanda ba su yarda da bikin bazday ba, amma suka turo addu'a ba tare da sun ambaci ranar ba, wani ma ya haɗa da nasiha cewa shekara ta ƙaru, kwana ya ragu. Addu'ar za ka amsa. Kada ka ce "na gode da taya ni murnar bazday" ga wanda ya kauce wa kalmar da gangan, kuma ba ranar muhawara ba ce. "Amin Malam, Allah ya sa mu cika da imani, na gode da tunatarwa" ya wadatar.

Saura batun jinkiri. Da yawa idan kwana uku ya wuce sai kunya ta hana su amsawa gaba ɗaya, alhali mai saƙon yana ganin alamar an karanta. Manya dai a yi ƙoƙari a sallame su a ranar ko washegari. Sauran, ko bayan mako guda amsa tana da daraja, muddin an jawo ainihin saƙon mutumin an amsa a kansa don ya san me ake nufi. Ba a bukatar dogon uzuri na rashin caji ko matsalar sabis. "Yaya, sai yau na zauna na karanta saƙonka a nutse. Amin, na gode. A gaida su Ummi, ina nan tafe ƙarshen wata."