Yadda za ka gane ciwon kwatangwalo a babban kare tun yana ƙarami, da yadda za ka riƙe shi

Masu karen gadi a Damagaram sun yi yawa yanzu, barje alman, rotwaila, burbul, har da kokeshiyan ɗin nan mai gashi da ake sayowa daga Kano a kawo shi cikin wannan zafi namu. Kuskure guda nake ta gani wurin sabbin shiga: kwikwiyo ya kai wata biyar ko shida, ƙafafun baya sun fara rawa, sai a ce ƙarancin kalsiyam ne, a je faramasi a sayo kwalba, a ƙara masa nama da madara don ya yi ƙarfi. To sau da yawa abin da ke damunsa displaziya ce, wato kwatangwalon da bai zauna daidai ba, kuma kalsiyam da ƙiba su ne ma ke ƙara ɓata shi.

Kan ƙashin cinya a dunƙule yake, yana zama cikin wani gurbi a ƙashin ƙugu kamar taɓarya cikin turmi. Kwikwiyo ana haihuwarsa da gaɓar lafiya lau, amma wanda ya gaji abin daga iyaye, cikin makonnin farko gaɓar take sakwarkwacewa, kan ƙashin ya riƙa fita yana komawa yana gugar bakin gurbin, gurbin ya ƙi yin zurfi, guringuntsi ya cinye, daga baya amosanin gaɓa ya shiga. Gado ne asalin abin, amma saurin girma da nauyi su ke sa ya yi tsanani. Karnukanmu na farauta masu siririn jiki da wuya ka ga suna da shi.

Mataki na farko kallo ne, kuma lokacinsa daga wata 4 zuwa wata 12. Kar ka duba shi sanda yake murnar ganinka, a lokacin kowane kare lafiyayye ne. Duba shi da asuba sanda zai tashi daga kwanciya. Mai matsala yakan kafa ƙafafun gaba tukuna, ya ja gindinsa sama a hankali, ya yi taku kaɗan a sandare kafin jiki ya saki. Sannan ka sa yaro ya ja shi a miƙe ya yi nesa da kai, kai kuma ka durƙusa a bayansa ka ɗauka da waya. Abin da kake nema shi ne ƙugu yana rangaji dama da hagu fiye da kima, ƙafafun baya a matse kusa da juna, taku gajere. Daga nan a sa shi gudu. In yana ɗaga ƙafafun baya biyu tare yana tsallen kwaɗo, ba sau ɗaya cikin wasa ba, kullum haka yake gudu, to ka riƙe wannan. Wani kuma za ka ga ya daina shiga bayan mota da kansa, ko ana wasa shi ne na farko da zai zauna, ya zauna a karkace ƙafa ɗaya a gefe.

Bayan ido sai hannu. Yana tsaye, ka zagaya cinyarsa ta sama da zare ko mitar tela, dama da hagu, wuri guda, ka rubuta. Bayan wata guda ka sake. Kwikwiyon da ke girma cinyarsa ya kamata ta ƙaru, in ta tsaya ko tana raguwa alhali ƙirji da kafaɗu suna cika, ya maida nauyinsa gaba ke nan don gudun ciwo. Ka kuma kama ƙafar baya sama da gwiwa ka ja ta baya a hankali, mai lafiya bai damuwa, mai ciwo zai juyo ko ya zauna tun ba ka kai ƙarshe ba. Iya nan ka tsaya. Akwai gwajin Ortolani da likita ke yi, ya danna cinya ya buɗe ta ya ji kan ƙashin ya koma gurbinsa ƙat, amma wannan sai an yi wa kare allurar barci, kar ka gani a bidiyo ka ce za ka gwada a tsakar gida.

Nan ne wurin da mutane ke faɗuwa, don haka zan daɗe a kai. Wajen shekara guda zuwa shekara da rabi, karnuka da yawa ɗingishin yakan ragu, wani ma ya ɓace, saboda jakar da ta rufe gaɓar ta yi kauri ta riƙe ƙashin. Sai mai kare ya ce ka gani, kalsiyam ɗin nan ya yi aiki. Bai yi komai ba, gaɓar tana nan tana cinyewa, bayan ƴan shekaru ciwon ya dawo da amosani, kuma a tsakani an riga an sa shi barbara, ƴaƴansa sun watsu daga Birni har Sabon Gari. Shi kalsiyam ɗin kuwa, kwikwiyon da bai wuce wata shida ba hanjinsa bai iya tace shi ya bar sauran, abin da ka ba shi mafi yawa shiga yake, ya dagula girman ƙashi. In yana cin abincin buhu na ƴan kwikwiyon manyan karnuka, kar ka ƙara masa ko ƙwaya. Wanda ke buƙatarsa da gaske shi ne wanda aka rena da tuwo da tsokar nama zalla ba ƙashi, kuma nasa daban yake: ƙafafu huɗun duka suna ciwo, na gaba sun lanƙwashe, ƙashi bai da wuyar karyewa. Haka ma karen da ɗingishinsa ya zo da zazzaɓi, ƙin abinci da dasashi fari, fara neman ciwon kaska. Tsohon barje da ke jan faratan baya a ƙasa, yana taka bayan ƙafa ba tare da jin zafi ba, wannan ya fi kama da matsalar laka.

Mataki na biyu hoton ƙashi, radiyo dai. Ba ido ba hannu da zai yanke hukunci sai shi. Ka fara da likitan dabbobi na nan ya duba, in ya ce a ɗauka kuma ba na'ura kusa, sai ka shirya tafiya Kano, ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba, ka kira tukuna ka tabbatar suna ɗaukar kare kuma suna yin allurar barci. A hana shi abinci tun daren jiya. Kwanciyar da ake so ita ce rigingine, ƙafafun baya a miƙe sambal suna jere da juna, an ɗan murɗa gwiwoyi ciki yadda ƙoƙon gwiwa zai zauna a tsakiya. Kafin ka biya ka fita, dubi hoton da kanka: akwai ramuka biyu a ƙashin ƙugu, dama da hagu, in ɗaya ya fi ɗaya girma to karen a karkace yake, hoton zai yi ƙarya, a sake. Hoton da aka ɗauka mutum uku sun danne kare ido biyu, ni a wurina asarar kuɗi ce, don tsokar da ya ɗaure tana tura ƙashin cikin gurbi sai ya fito kamar lafiyayye. A hoto mai kyau aƙalla rabin kan ƙashin yana cikin gurbi, kuma kusurwar Norberg da ake aunawa tana kai digiri 105 ko sama. Tsarin FCI, ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya, yana ba da maki daga A zuwa E, A lafiya, C ya fara, E ya lalace, kuma makin ba ya zama na hukuma sai kare ya cika wata 12, ƙattai irin su kokeshiyan wata 18. Wannan na masu kiwo ne. Kwikwiyon da ke ɗingishi a wata shida ba sai ya jira ba. Ni dai D ko E bai barbara, ko nawa aka saye shi, kuma mai sayar da kwikwiyo da bai iya nuna maka uwa da uba suna gudu ba, bar masa kayansa.

Mataki na uku riƙo, kuma nauyi shi ne gaba da komai. An yi wani bincike a Amurka da karnukan labarado 48, aka rage wa rabinsu kashi 25 cikin ɗari na abinci tsawon rayuwarsu, waɗanda aka rage wa amosanin kwatangwalo ya makara sosai kafin ya bayyana gare su, suka kuma fi sauran tsawon rai da kusan shekara biyu. Ka shafa haƙarƙari, ya kamata ka ji su ba sai ka danna ba, in ka kalle shi daga sama ka ga ciki ya ɗan shige bayan haƙarƙari. Mutane za su ce kana horar da shi da yunwa, ƙyale su.

Bari mu ɗauki barje ɗan wata takwas, kilo 30, yana tsallen kwaɗo, hoto ya nuna gaɓa a sake amma amosani bai shiga ba. A daina bar masa kwano cike yini guda, a auna abinci sau biyu, a cire kitse da ragowar shinkafa da mai. In likita ya rubuta melokzikam, maganin ciwo da kumburi, awonsa miligiram 0.2 kowane kilo ranar farko, daga nan 0.1 sau ɗaya a rana. Na ruwan da ke da miligiram 1.5 a kowane mililita, kilo 30 zai sha mililita 4 ranar farko, sannan 2 kullum, tare da abinci. In ya yi amai, ko kashi ya yi baƙi, ko ya ƙi ci, tsayar nan take ka kira likita. Cikin zafin Afrilu da Mayu ka tabbatar ruwa bai yankewa gabansa, don maganin nan da ƙishirwa in sun haɗu ƙoda ce ke biya. Kar a haɗa shi da dekza ko firedinisolon. Ibufurofen da dikulofenak na mutane kuwa, wallahi kar ka kusanta, suna huda wa kare ciki.

Motsa jiki: tafiya da igiya minti 15 zuwa 20 safe da bayan la'asar in ƙasa ta huce, kowace rana, ba a ɗaure shi sati guda ranar Lahadi a sa shi bin babur ba. Ƙasa mai ɗan tauri ta fi rairayi mai zurfi kyau a farko. Ba jefa ƙwallo, ba tsalle daga mota, ba hawan bene. In falonka karo ne mai santsi shimfiɗa tabarma ko tsohon kafet inda yake bi, lokacin hunturu kuma a ɗaga shi daga kan siminti da tsohuwar katifa. Man kifi yana ɗan taimakawa, gulukozamin mai tsadar nan kuwa ni ban sa kuɗina.

Tiyata akwai, mai hana ciwon ƙaruwa ana yin ta kafin mako 20, wata tiyatar kuma kafin wata goma, sai sauya gaɓa gaba ɗaya, amma duk waɗannan aikin ƙwararru ne da ba a kusa suke ba. Wadda za ka fi samu ita ce yanke kan ƙashin cinyar a bar tsoka ta riƙe, ta fi kyau ga kare ƙasa da kilo 20, a babba sai in magani ya gaza. Fiɗiya in za a yi, a bari ya wuce shekara. Duk wata a auna nauyi da cinya, in yana shan magani dogon lokaci a gwada jinin ƙoda da hanta duk wata shida.