Yadda na mayar da CGPA dina daga ma'aunin 5 zuwa na 4

Da zan nemi digiri na biyu a Amurka, na dauki CGPA dina na 4.20, na ninka da 4, na raba da 5, na samu 3.36. Hankalina ya tashi, domin sashen da nake nema 3.5 yake so.

Ashe lissafin ne bai dace ba. A wajenmu A maki 5 ne, B kuma 4. A can A 4 ne, B 3. Wato kowane kwas maki daya yake raguwa, ba kashi daya cikin biyar ba. Na zauna da takardar sakamakona, kwas bayan kwas, ina ninka sabon makin da yunit dinsa, sannan na hada duka na raba da jimillar yunit. Tunda ban taba samun F ba, 3.20 ya fito, kasa ma da na farko. Wannan ya yi mini ciwo, amma shi ne gaskiya. Sai na nemi inda 3.0 ya isa.