Rubutu ba ƙugiya: abin da yake faɗa maka game da wayar mai shi

Kafintan da ke yi mini rufin ɗaki a Ɗorayi ya turo mini saƙo da hantsi: "Alhaji a kawo kusa." Na tsaya ina tunanin me zan matso da shi kusa, katako ne ko kwano. Da na kira shi ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙusa nake nufi, 'yar inci uku." Mutumin nan ya yi sakandare, kuma da biro ba ya taɓa barin ƙugiyar ƙ. Wayarsa ce 'yar ƙaramar itel mai madannai, wadda ko ka shekara kana danna lamba biyar, j, k da l kawai za ta ba ka.

Kuskuren farko ke nan, kuma na mai karatu ne: a ga rubutu babu ɓ, ɗ, ƙ, a yanke cewa mai shi bai iya Hausa ba. Sau da yawa na'urarsa kake gani, ba iliminsa ba. Kuma yadda rubutun ya lalace yana nuna inda matsalar take, kamar yadda makanike ke gane ciwon mota daga ƙararta.

Idan rubutun ya zo sumul, "kasa" a wurin ƙasa, "daki" a wurin ɗaki, tun daga farko har ƙarshe, to ko dai ƙaramar waya ce, ko babba ce da ba a saka mata kibod ɗin Hausa ba. Akwai alamar da ke raba su. Babbar waya mai kibod ɗin Turanci tana da karambani: sai ka ga kalmar Turanci ta faɗo tsakiyar jimla inda ba ta da dalili, ko an raba kalma biyu, ko babban harafi ya fito a inda ba suna ba. Wannan aikin gyaran kai-tsaye ne, wanda ke ɗaukar kowace kalmar Hausa a matsayin Turancin da aka rubuta ba daidai ba. Ƙaramar waya ba ta cika yin haka ba, sai dai gajarta kalmomi don yatsa ya huta.

Gyaran babbar waya bai kai minti biyu ba, amma na sha ganin mutum ya ɗauki wayarsa har kasuwar waya ta Farm Centre a kan wannan. Idan Gboard ke kan wayar, ga hanyar:

```
Gboard > Settings > Languages > Add keyboard > Hausa
```

Idan wani kibod ne ya zo da wayar, a sauko da Gboard daga Play Store, ko SwiftKey, shi ma yana da Hausa. Inda aka fi tuntuɓe shi ne bayan an gama sakawa. Mutum ya koma WhatsApp, ya danna k ya riƙe, bai ga ƙ ba, ya ce abin ƙarya ne. Ai kibod ɗin yana nan kan Turanci. Dubi dogon madannin nan na tazara da ke ƙasa, sunan harshen da kake kai yana rubuce a jikinsa. Danna shi ka riƙe, ka zaɓi Hausa, sannan ka danna k, d ko b ka ɗan riƙe, mai ƙugiyar zai fito. In har yanzu yana canza maka kalmomi, shiga `Text correction` ka kashe `Auto-correction`. Ni a kashe nake barinsa, domin ko na Hausar yakan mayar mini da "bata" zuwa "ɓata" alhali ina nufin a ba ta kuɗinta.

Sai masu dabara, waɗanda suka san akwai ƙugiya amma ba su da ita. Wani ya rubuta k'asa, wani 'kasa, matasa kuma qasa da qarfi. Wannan ba jahilci ba ne, shaida ce ma cewa kunnen mutum yana jin bambancin. A hira tsakanin abokai babu laifi. Wanda ya fi ba ni ciwon kai shi ne mai aron harafin wasu, ya sa đ ko ɖ a wurin ɗ don sun yi kama. Na biyun nan ƙugiyarsa a ƙasa take, na harshen Ewe ne na Gana da Togo, namu kuwa a sama take lanƙwashe. Ido zai iya yafewa, na'ura ba ta yafewa: wanda ya nemi "ɗalibi" a cikin takardar ba zai samu wanda aka rubuta da harafin aro ba. Haka kuma kada ka ga ƴ a "ƴaƴa" ka ce kuskure ne. Ƙa'idar Nijar ce, mu a Najeriya 'ya'ya muke rubutawa, kibod ɗin kuma yana ɗauke da duka biyun.

Yanzu ga wanda ya fi rikitar da mutane, kuma shi ne ya ci mini yini guda. Wata ƙanwata ta karɓo tsohon kundin bincike daga wurin malaminta don ta duba yadda ake tsara babi. Ta buɗe a wayarta, ta kira ni: "Yaya, takardar nan ta lalace, ko ƙwayar cuta ce ta shiga?" Na duba, sai ga "xaya", "vangare", "qarshe" ko'ina. Babu abin da ya lalace. Kafin haruffanmu su samu shiga kwamfuta yadda suke yau, an ƙera zubin haruffa na musamman, wato font, irin su Rabi'at da Abdalla da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar, kuma sun yi wa masu buga Hausa aiki na shekaru. Dabarar irin waɗannan zubi ita ce a ɗauki madannin da Hausa ba ta amfani da shi a zana masa hoton harafi mai ƙugiya. Ka danna x, allo ya nuna ɗ, amma abin da kwamfuta ta adana x ne. Da zarar takardar ta je na'urar da babu wannan zubin, asiri ya tonu. Wasu kuma alamomi suka ara, shi ya sa za ka ga "}asa" da "]aya" a tsofaffin rubuce-rubuce.

A lura da bambanci ɗaya. Yaron da ya rubuta maka "xan xo gobe" z yake nufi, yayi ne kawai na hira. Amma x a "xaki" cikin doguwar takarda mai tsari, wannan ɗ ne na tsohon zubi.

Gyaransa a Word ake yi, a kan kwamfuta. Na fara da ajiye kwafi, sannan na buɗe wurin musanya:

```
Ctrl+H > More > Match case
x → ɗ    X → Ɗ
q → ƙ    Q → Ƙ
v → ɓ    V → Ɓ
```

Zagaye shida ke nan. In ba ka kunna `Match case` ba, Word ne zai riƙa yi maka hasashen babba da ƙarami, kuma ba kullum yake dacewa ba. Wannan musanya tana yiwuwa ne don Hausar boko ba ta da q, v da x. Amma ni na yi gaggawa na bi takardar gaba ɗaya, har da shafukan manazarta na Turanci, inda kowace v ta koma ɓ, lambobin Romawa na shafukan farko su ma suka tafi. Da ba don kwafin nan ba, da na kwana ina gyara. Zaɓi sassan Hausa kaɗai, babi bayan babi. Kuma kada wani ya ce maka za a iya yin haka ga rubutun da aka buga da k, d, b zalla. Babu umarnin da zai gane ko "kafa" ƙafar mutum ce ko kafa kamfani. Wannan sai an bi da ido.

In kana neman harafin kansa a Word, buga `0199` ka danna `Alt+X`, ƙ zai fito. Na ɗ `0257` ne, na ɓ `0253`. Ka bar tazara kafin lambar, don in ta manne da harafi irin a ko b, Word zai haɗa su ya ba ka wani abu dabam.

Akwai kuma lokacin da marubuci ya yi komai daidai, amma mai karɓa ya ga ɗan akwati a wurin harafin. Akwati yana nufin harafin ya iso lafiya, zubin da ke kan na'urar ne ba shi da hotonsa. Canza zubi, zai bayyana. Wannan ne ke faruwa a katin biki da allon talla, inda mai zane ya zaɓi rubutu mai ado, sai ƙ ɗin "Ƙofar Mata" ya ɓace ko ya fito da wata siffa kamar baƙo a cikin dangi. Nemi a nuna maka samfurin kafin a buga ɗari biyar. Alamar tambaya kuwa, kamar "?asa", ta fi muni: an adana rubutun ta hanyar da ba ta san harafin ba, ya mutu a hanya, kuma canza zubi ba zai dawo da shi ba. Sai a koma ga wanda ya turo ya sake ajiyewa da `UTF-8`.

Wani lokaci barin ƙugiyar ma shi ne hankali. Saƙon tes na yau da kullum yana ɗaukar harafi 160 muddin haruffan Turanci ne zalla. Ka sa ƙ guda ɗaya, wayar ta koma wani tsari mai ɗaukar 70 kacal, in saƙon ya zarce haka kuma a yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace 67. Ɗauki sanarwar ɗaurin aure mai harafi 150, da tazara da komai. Ba ƙugiya, saƙo ɗaya ne. Da ƙugiya, biyu suna ɗaukar 134 ne kawai, don haka sai uku. In mutum 200 za ka tura wa, kuɗin saƙo 600 za ka biya maimakon 200, kuma wasu daga cikin dattawan da ke riƙe da ƙananan wayoyi akwatuna za su gani. A WhatsApp babu wannan lissafi. Haka wajen cike fom na banki ko na jarrabawa: rubuta sunanka yadda yake a katin shaidarka, in Danladi ne a can to Danladi, domin na'urar da ke gwada sunayen tana ɗaukar D da Ɗ a matsayin haruffa biyu. Kalmar sirri ma kada ka sa mata ƙugiya, ranar da ka ari wayar wani ba za ka iya shiga ba.

Kafintana dai har yau da 'yar itel ɗinsa yake. Mun yi yarjejeniya: in kalmar za ta iya rikita ni, ya ƙara mata bayani. Jiya ya turo, "Alhaji kusa ta bugawa ta kare, a karo kilo biyu."