Yadda na gyara lissafin bulo daga hoton zanen hannu

Ƙanina ya turo min hoton zanen katangar filinsa, ya ce in yi masa lissafin kaya. Na ɗora rula a kan hoton, tsawo ya fito mita 26. Ashe a karkace ya ɗauki hoton, gefe ɗaya ya tsuke. Na gane ne da na ga ɓangarori biyu da aka rubuta wa mita 15 ba su zo daidai a rular ba.

Sai na ajiye rula, na bi lambobin da magini ya rubuta. Tsawo mita 30, tsayi 2.4, wato murabba'in mita 72. Na cire ƙofar mota, 3 sau 2.4, saura 64.8. Bulo mai inci tara guda 10 ke cin murabba'in mita ɗaya, ya zama 648. Na ƙara kashi 5 cikin ɗari saboda fashewa wajen saukewa, 680 ke nan.

Siminti kuwa, magininmu buhu ɗaya yake ɗora bulo 50 da shi, sai na rubuta buhu 14. Yashi baro huɗu kowane buhu, baro 56. Tushe da ginshiƙai da filasta ba sa ciki, na gaya masa tun kafin ya je kasuwa.