Kurakuran masu neman tallafin karatu a ƙasar waje

Duk shekara sai ƙannena sun zo min da magana ɗaya: "Yaya, saura sati biyu a rufe, duba min takardata." Na gaji, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Kuskuren farko tun wajen zaɓe ake yinsa. Mutum ya jera tallafi goma sha biyar bai karanta sharaɗin ko ɗaya ba. Ɗauki Chevening, na gwamnatin Birtaniya: digiri na biyu ne na shekara ɗaya, ana son gogewar aiki ta awa 2,800, kuma in ka gama dole ka dawo gida ka yi shekara biyu. Yi lissafi. In kana aikin awa 40 a mako, mako 70 kake buƙata. In bai cika ba, goge sunan. Ni uku nake bari a jerina, ba na wucewa.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne barin abin da ke hannun wasu sai ƙarshe. Na taɓa yin wata biyu ina gyaran rubutu, na bar neman cikakken sakamakon karatuna daga jami'a sai da ya rage sati uku. Na je ofishin, aka ce fayil yana sashe. Na je sashe, aka ce mai makullin ya yi tafiya. Takardar ta fito bayan an rufe da kwana tara, shekara guda ta tafi a banza. Rubutu a hannunka yake, ko tsakar dare ka gyara. Amma sakamako, fasfo da wasiƙar malami ba ka da iko da su. Yanzu daga ranar rufewa nake ƙirgowa baya wata shida, in fara da su. Malamin da zai yi maka shaida kuwa, kai masa taƙaitaccen tarihinka da ranar rufewa a rubuce, kada ka ce ai ya san ka. Ɗalibai nawa suka wuce ta gabansa?

Sakamakon IELTS, wato jarrabawar gwada iya Turanci, shekara biyu yake aiki, kada ka yi gaggawar zana ta.

Sai bayanin kai, wato rubutun da kake gabatar da kanka ga masu ba da tallafin. Don Allah ku daina buɗewa da "tun ina yaro nake mafarki", ku daina kukan talauci shafi guda. Wata ƙanwata ta rubuta cewa ita shugaba ce mai kishin al'umma. Na ce, me kika yi? Ashe a asibitin da ta yi bautar ƙasa ta raba ranakun awo unguwa-unguwa, layin mata masu ciki ya daina kaiwa azahar. Ba ta sa ba, wai ƙaramin abu ne. Na sa ta goge sakin layin farko gaba ɗaya, ta fara da ranar da ta tarar da layin har bakin ƙofa.