Suga ya ƙi sauka: kurakuran da aka fi yi wajen gwajin kiton

A yawancin gidajen da ke da mai ciwon suga nau'i na ɗaya, idan na'urar gwajin suga ta nuna 300, sai a ƙara allurar insulin a zauna jira. Bayan awa biyu a sake gwadawa, a ga 320, a ɗora laifin a kan tuwon jiya. Haka za a yi ta bin lambar suga har dare, alhali abin da ke neman kwantar da mara lafiyar yana wani wuri da wannan na'urar ba ta gani.

Mai nau'i na ɗaya jikinsa ya daina samar da insulin, duk abin da yake samu daga allura ne. Idan insulin ya yi ƙaranci, suga na nan jibge a cikin jini amma ba shi da hanyar shiga tsoka ya zama ƙarfi. Sai jiki ya koma narka kitse, hanta kuma ta mayar da kitsen nan wasu sinadarai da ake kira kiton. Kiton asid ne. Kaɗan daga cikinsa ba ya cutarwa, amma idan ya taru sai ya sauya yanayin jini. Yawan fitsarin da suga ke jawowa kuma yana ƙwace ruwa da gishirin jiki. Haɗuwar waɗannan ita ce kito'asidosis, wadda za ka ga an rubuta DKA a katin asibiti, kuma tana iya kai mutum ga suma ko mutuwa cikin kwana ɗaya. Na'urar suga tana faɗin yawan sugan da ke jini ne kawai. Gwajin kiton shi ke nuna ko insulin ɗin da ke jiki ya isa.

Jiran alamu kafin a gwada

Wannan shi ne kuskuren da ya fi damuna. Lokacin da amai da ciwon ciki suka zo, numfashi ya zama mai zurfi da sauri, baki na wari kamar man goge jan farce, an riga an yi nisa. Ga shi kuma amai da ciwon ciki da kasala, a wurinmu sunansu maleriya ko taifot, don haka sai a nufi kemis a sayo magani, a ɓata yini guda.

Gyaran shi ne a ɗaura gwajin a kan lamba, kada a jira yadda jiki zai ji. Idan suga ya haura 250 mg/dL, wato kusan 14 mmol/L, ko 2.5 g/L ga masu amfani da ma'aunin Nijar da Kamaru, kuma an yi allurar gyara, wato ƙarin insulin don saukar da shi, bai sauka ba bayan awa biyu, a gwada kiton. Idan na'ura ta rubuta HI, wato suga ya wuce abin da take iya aunawa, a gwada nan take. Idan kuma akwai zazzaɓi, amai ko gudawa, a gwada ko da suga bai kai 250 ba, a maimaita duk bayan awa biyu zuwa huɗu har cikin dare.

A gwajin kiton na jini, ƙasa da 0.6 mmol/L lafiya lau. Daga 0.6 zuwa 1.5 kiton ya fara tashi, ana buƙatar ruwa da insulin da sake gwaji bayan awa biyu. Daga 1.5 zuwa 3.0 haɗari ya matso, a kira likita ko nas a lokacin. Sama da 3.0 kuwa sai asibiti ba tare da jira ba. A tsinken gwajin kiton da ake tsomawa a fitsari, idan launi ya kai matsakaici ko mai duhu, wato ++ ko fiye, ana ɗaukarsa a matsayin gaggawa.

"Ba ta ci komai ba, ya za a yi mata allura?"

Na ji wannan magana daga bakin iyaye da yawa, kuma tsoron da ke bayanta gaskiya ne, domin duk wanda ya taɓa ganin ɗansa na karkarwa saboda faɗuwar suga ba zai so ya sake gani ba. Sai dai rashin lafiya tana sa jiki ya saki sinadaran da ke hana insulin aiki, hanta kuma ta ci gaba da zuba suga a jini ko ba a ci ko loma ɗaya ba. Saboda haka mai zazzaɓi sau da yawa buƙatarsa ta insulin ƙaruwa take yi. Allurar cin abinci ana iya rage ta idan ba a ci ba, amma insulin mai dogon aiki ba a tsallake shi.

Bari mu bi misali daki-daki. A ce yarinya ce 'yar shekara 16, tana yin yunit 18 na mai dogon aiki da dare, da yunit 22 na mai saurin aiki a rabe kan abinci uku. Jimillarta a rana yunit 40 ke nan. Ta tashi da zazzaɓi, ƙarfe 8 na safe suga 310, kiton na jini 1.8. Ƙa'idar da asibitoci da dama ke koyarwa a irin wannan hali ita ce ƙarin kashi 10 cikin 100 na jimillar yini, da insulin mai saurin aiki, wato yunit 4 a nan. Mahaifiyarta ta kira nas ɗinsu, aka tabbatar da adadin, aka yi allurar, aka ajiye mata gorar ruwa tana kurɓa kaɗan-kaɗan, aƙalla rabin kofi duk awa. Ƙarfe 10 suga 260, kiton 1.6. An samu sauƙi amma ba a fita daga haɗari ba, aka ƙara yunit 4. Tsakar rana suga ya sauko 170, kiton 1.0.

A nan ne mutane ke yin kuskure na gaba. Sun ga 170 sai su yi hamdala su rufe maganar. Amma suga yakan riga kiton sauka, kuma insulin ne kaɗai ke tsayar da kiton. To ta yaya za a ci gaba da ba da insulin ga wadda suganta ya sauka? Sai a ba ta abin da ke da suga: koko mai ɗan zaƙi, ko shayi da suga, ko ruwan gishiri da suga na sacet idan tana gudawa, sannan a yi allurar da ta dace da abin da ta sha. Haka aka yi, ƙarfe 2 kiton ya koma 0.5. A ranar kuma aka kai ta gwajin maleriya, domin muddin ba a magance abin da ya tayar da sugan ba, gobe ma za a sake komawa gidan jiya.

Da a ce ƙarfe 10 ɗin nan ta fara amai har ruwa ba ya zama a cikinta, ko kiton ya hau 3.2, ko ta fara gyangyaɗi tana magana a rikice, to aikin gida ya ƙare. Abin da take buƙata a lokacin ƙarin ruwa ne ta jijiya, da insulin ta jijiya, da lura da gishirin jikin da ake kira fotasiyam, domin insulin na saukar da shi a jini, kuma saukarsa da yawa na iya rikita bugun zuciya. Babu wanda zai iya auna wannan a ɗaki. Idan an isa asibiti a faɗa tun daga bakin ƙofa cewa mai ciwon suga ce nau'i na ɗaya, a faɗi lambar kiton, kada a zauna a layi.

Abu biyu game da wannan lissafi. A zauna da likita tun ana lafiya a rubuta adadin a takarda, domin na ƙaramin yaro ya bambanta da na babba. Sannan ƙarin ana yin sa ne da insulin mai saurin aiki. Masu amfani da gaurayayyen insulin mai kama da madara, irin 70/30, kada su riƙa ƙara shi duk awa biyu, domin ɓangarensa mai jinkiri zai taru ya faɗar da suga cikin dare. Su nemi a rubuta musu kwalba ɗaya ta insulin mai garau mai saurin aiki don irin wannan rana, a kuma gaya musu tazarar da za su bari tsakanin allurai, don mai saurin aiki na gargajiya ya fi na zamani daɗewa a jiki.

Tsinken da ke faɗin ƙarya

Na'urar kiton ta jini ta fi, amma tsinkenta na da tsada kuma ba ko'ina ake samu ba. Tsinken fitsari ya fi araha, yana kuma aiki idan an san halinsa. Fitsari ya daɗe yana taruwa a mafitsara, don haka labarin awannin da suka wuce yake bayarwa. Kuma nau'in kiton da yake gani daban ne da wanda ya fi yawa a jini lokacin haɗari. Idan magani ya fara kamawa, wancan mai yawan yana rikiɗewa ya koma wanda tsinken ke gani, sai launi ya ƙi washewa alhali mutum na samun sauƙi. Wanda bai san haka ba zai yi ta ƙara insulin har suga ya faɗi. A haɗa launin da lambar suga da yanayin mara lafiyar.

Kwalbar tsinken kuma da zarar an buɗe ta, yawanci wata shida ne ƙarshenta, zafi da laima kuma na kashe ta kafin nan. Tsinken da ya lalace zai nuna babu kiton ko da akwai. A rubuta ranar buɗewa a jikin kwalbar, a rufe ta da kyau, a kuma karanta launin a daidai daƙiƙun da aka rubuta a jikinta, ana duba agogo. Yawan shan bitamin C ma na iya ɓoye sakamakon.

Sauran abubuwan da ake mantawa

Wasu idan suga ya hau sai su fita gudu ko buga ƙwallo don su ƙone shi. Idan akwai kiton, motsa jiki ƙara shi yake yi, domin tsoka na neman ƙarfi kuma kitse kaɗai take samu. Shan shuwaka ko wani jiƙo mai ɗaci ma ba ya maye gurbin insulin, lokaci kawai yake cinyewa. Mace mai juna biyu da mai shan ƙwayoyin ciwon suga irin su emfagiliflozin ko dafagiliflozin suna iya shiga kito'asidosis sugansu bai wani hau ba, don haka su gwada duk lokacin da jiki ya ƙi daɗi. Mai amfani da famfon insulin kuwa, wato 'yar na'urar da ke tura insulin cikin jiki a hankali ta siririn bututu, ba shi da mai dogon aiki a jikinsa, idan siririn bututun ya toshe kiton na iya tashi cikin 'yan awanni, sai ya yi gyaran da sirinji ko alƙalamin allura, ya kuma canza bututun.

Idan an yi allurar gyara sau biyu, suga da kiton ba su motsa ba, a zargi insulin ɗin kansa. Kwalbar da aka buɗe kusan kwana 28 take yi a ƙasa da digiri 30, zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri kuwa yana haura 40. Wadda ta yini a mota, ko ta daskare a firiza, ko mai garau da ta yi gizo-gizo, a ajiye ta a buɗe sabuwa. Inda wuta ba ta tsayawa, a sa kwalbar cikin roba mai murfi, a ajiye ta a tukunyar ƙasa da aka zaunar cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa, a riƙa yayyafa wa yashin ruwa safe da yamma.