Darasi na 7: Wasiƙar Sanar da Hukumar Haraji Sabon Adireshi da Sabon Sunan Kasuwanci

Wata tela ce shagonta ya yi mata kaɗan, ta kwashe kekunanta ta koma wani mafi girma. A da ɗinki kawai take yi. Yanzu ta haɗa da sayar da yadi, don haka ta sauke tsohon allo ta kafa sabo mai ɗauke da sabon suna. Masu kawo mata ɗinki duk sun san inda ta koma. Hukumar haraji kuwa ba ta sani ba, domin ita abin da ke cikin fayil kaɗai ta sani, fayil ɗin kuma yana nan da tsohon suna da tsohon adireshi.

Idan aka bar shi haka, takardar hukuma za ta je tsohon shago ta tarar da wani. Wa'adin da aka rubuta a cikinta ba zai tsaya jiran kowa ba, kuma yana iya ƙarewa da tara. Akwai matsala ta biyu wadda ta fi wuyar warwarewa. Jami'in haraji zai iya wucewa ya ga sabon allo da sunan da bai sani ba, ya ɗauka sabuwar sana'a ce, a buɗe mata fayil na biyu. Sai mutum ɗaya ya wayi gari ana binsa haraji a wuri biyu.

Saboda haka babban aikin wasiƙar nan shi ne ta nuna wa hukuma cewa mai sana'ar bai canza ba. Wuri da suna ne suka canza.

Abin da ke ɗaure tsohon fayil da sabon shago

Suna biyu ne a nan, kada ku haɗa su. Akwai sunan mai sana'ar, wanda ke jikin katin shaidarsa. Akwai kuma sunan kasuwanci, wanda ke jikin allo da rasit. Hukuma tana bin mai sana'ar ne ta lambar haraji da ta ba shi ranar da ya yi rajista. Wannan lamba ba ta canzawa don an sauya allo. Ku kwafe ta daga tsohuwar takardar hukuma, ku sake dubawa ɗaya bayan ɗaya. Kada ku rubuta ta da ka. Kuskuren lamba ɗaya ya isa ya kai wasiƙarku cikin fayil ɗin wani.

Kafin a ɗauki biro ma, a duba ko an yi wa sabon sunan rajista. Inda doka ta ce a yi rajistar sunan kasuwanci, ofishin rajista ake fara zuwa a karɓo takardar canjin suna, sannan a rubuta wa masu haraji. Sunan da ke cikin wasiƙa ya zo daidai da na takardar, harafi da harafi. Idan takardar ta ce “ɗinki da yadi”, kada wasiƙa ta ce “yadi da ɗinki”. A wurinku abu ɗaya ne, amma a wurin mai shigar da bayanai suna biyu ne.

Ga wasiƙar da telar ta rubuta. Inda kuka ga baka biyu, bayananku za ku sa.

(Cikakken sunan mai sana'a)
(Sabon adireshi)
(Lambar waya)
10 ga Maris, (shekara)

Zuwa ga Shugaban Ofishin Haraji,
(Adireshin ofishin da fayil yake)

Ranka ya daɗe,

SANARWAR CANJIN ADIRESHI DA SUNAN KASUWANCI
Lambar haraji: (lamba)

Ina sanar da ku cewa na tashi daga (tsohon adireshi) na koma (sabon adireshi) tun daga ranar 1 ga Maris, (shekara). Na rufe tsohon shagon gaba ɗaya, ba ni da reshe a can.

Daga wannan rana kuma na daina aiki da sunan (tsohon suna), ina aiki da sunan (sabon suna). Ni ce dai mai sana'ar, ban sayar ba, ban kuma shigo da abokin tarayya ba. Ina ci gaba da ɗinki, na ƙara da sayar da yadi.

Ina roƙon a gyara bayanan fayil ɗina a ƙarƙashin lambar da ke sama, a riƙa aiko min da takardu a sabon adireshin, a kuma ba ni shaidar gyaran a rubuce. Idan sabon wurin yana ƙarƙashin wani ofishin ne, ina roƙon a mayar da fayil ɗina can.

Na haɗo da kwafin takardar canjin suna, da kwafin yarjejeniyar hayar sabon shago, da kwafin katin shaidata.

Na gode.
(Sa hannu)
(Cikakken suna)

Mu koma kan wasu jimloli

Kun lura akwai kwanan wata biyu. 10 ga Maris ita ce ranar rubuta wasiƙa, 1 ga Maris kuma ranar da canjin ya fara aiki. Mutane da yawa ta farkon kaɗai suke sawa. Ta biyun ce hukuma ta fi buƙata, domin da ita za a san rasit ɗin da aka yanka da tsohon suna da wanda aka yanka da sabo duk na mutum ɗaya ne. A ƙasashe da dama akwai wa'adin kai irin wannan sanarwa, kuma daga ranar canjin ake fara ƙirgawa. Ku tambayi ofishinku kwana nawa ne tun kafin ku kwashe kaya.

Jimlar “na rufe tsohon shagon gaba ɗaya” ma ba ado ba ce. Idan babu ita, mai karantawa zai iya ɗauka reshe aka ƙara. In kuwa da gaske kuna riƙe da shagunan biyu, ku faɗa, ku nuna wanda za a riƙa kai wa takardu.

Wannan wasiƙa tana da iyaka. Idan an sayar da sana'ar, ko an shigo da abokin tarayya, ko an mayar da ita kamfani, to mai biyan harajin ne ya canza, kuma yawanci sabuwar rajista ake bukata. Wasiƙar ba ta kuma yafe bashi. Harajin da ake bin tsohon suna yana biyo mai shi har sabon shago.

Ranar kai wasiƙa

Ku yi kwafi biyu. Ku miƙa ɗaya, ku roƙi mai karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗayar, ku koma gida da ita. Takardun shaida kuwa kwafinsu ake bari, na asali a riƙe a hannu ko za a nemi gani. Wasu ofisoshin suna da fom na musamman, wasu kuma ta intanet ake gyaran. Idan haka ne ku cika fom ɗin da bayanan da ke cikin wasiƙar, ku adana shaidar da aka ba ku.

Hatimi shaida ce ta an karɓa kawai. Za ku san an yi gyaran ne idan takarda ko rasit na gaba ya fito da sabon suna da sabon adireshi, lambar kuma tana nan yadda take. Idan ya zo da tsohon adireshi, ku koma da kwafinku mai hatimi. Idan kuwa kuka ga wata lambar daban, alama ce an buɗe fayil na biyu, sai ku koma ofis nan take kafin ku biya komai da ita.

Aiki

Ku kwafe wasiƙar a littafinku, ku cike kowane gurbi. Sannan ku sake rubuta sakin layi na farko a madadin wanda bai rufe tsohon shagonsa ba, yana so takardu su riƙa zuwa sabon.